Kundin Ɗaga Ƙarfe Cikin Azumi: Sahur da Buɗa-Baki a Ramadan na 1446

Juma'a, 28 ga Fabrairu, 2025

Da daren nan aka sanar daga fadar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, don haka gobe Asabar za mu tashi da azumi. Na buɗe wannan kundi ne saboda abin da ya same ni bara, lokacin da na shiga azumi ba tare da wani tsarin abinci ba, na daina zuwa wurin ɗaga ƙarfe tun kafin goman farko ta ƙare, kuma bayan salla sai da na shafe kusan wata biyu kafin na koma kan nauyin da na bari. Bana ba na neman ƙarin ƙarfi ko ƙarin tsoka. Abin da nake so kawai shi ne ranar salla ta same ni ina iya ɗaga abin da nake ɗagawa a yau.

Ga inda na tsaya. Nauyin jikina kilo 78. A tsugune da ƙarfe a kafaɗa ina ɗaukar kilo 100 sau biyar, a zagaye biyar. A kwance kan benci ina tura kilo 70, sannan ina ɗago kilo 130 daga ƙasa. Da ina zuwa sau huɗu a mako. Na mayar da shi sau uku, Litinin da Alhamis da Asabar, na kuma rage zagayen daga biyar zuwa uku, amma ban taɓa nauyin ƙarfen ba. Dalili kuwa shi ne riƙe ƙarfin da aka riga aka samu bai kai neman sabo tsadar aiki ba, muddin nauyin da ake ɗagawa bai sauka ba.

Ta fannin abinci, ma'auni ɗaya zan riƙa bibiya, wato furotin, sinadarin da jiki ke gyara tsoka da shi. Ƙa'idar da masu wannan harka suka fi bi ita ce kimanin giram 1.6 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana, wanda a wurina ya kama giram 125. A nan Kaduna a wannan wata alfijir na ketowa wajen biyar da rabi na asuba, rana kuma na faɗuwa wajen bakwai saura ashirin na yamma, wato azumin ya ɗan haura awa goma sha uku. A takarda, saura kusan awa goma sha ɗaya ta cin abinci. Amma idan aka cire salloli da asham da motsa jikin kansa da barci, abin da ya rage bai wuce zama uku ko huɗu a gaban kwano ba, kuma a cikinsu ne giram 125 ɗin nan zai shiga.

Litinin, 3 ga Maris (3 ga Ramadan)

Fitar farko ba ta yi daɗi ba, kuma laifin na buɗa-baki ne. Ba a banza ake kiran goman farko goma ta marmari ba. Da aka kira magariba na ci dabino, na sha kunun tsamiya kofi biyu manya, na bi da ƙosai wajen guda takwas da soyayyen dankalin Turawa da zoɓo mai sanyi. Bayan asham na isa wurin motsa jiki ƙarfe tara, cikina kamar ganga. A zagaye na biyu na tsuguno ƙwarnafi ya taso mini har maƙoshi, sai na haƙura da na uku. Da na dawo gida ƙarfe goma na tarar da tuwon shinkafa da miyar taushe da nama, amma loma huɗu kawai na iya yi.

Na zauna na lissafa abin da na ci tun daga sahur, wanda shayi ne da burodi da ƙwai biyu. Ƙwai ɗaya giram shida ne, don haka sahur gaba ɗayansa bai wuce giram ashirin ba. Ƙosai daga wake yake, yana da nasa rabon, amma man da ya sha a kasko shi ne ke daɗewa a ciki, domin maiƙo yana jinkirta saukar abinci daga tumbi. Kunun tsamiya kuwa gero ne da ruwa da sukari, yana cika ciki ba tare da ya kawo abin da nake nema ba. Jimillar ranar ba ta kai giram saba'in ba, alhali na kwanta a ƙoshe maƙil. Abin da na fahimta shi ne, matsalar ba ƙarancin abinci ba ce, ƙarancin wuri ne a ciki, kuma duk abin da ya riga shiga da magariba shi ne ke cinye wurin abincin dare.

Alhamis, 6 ga Maris (6 ga Ramadan)

Na raba daren gida uku, kuma yau ne na fara gwadawa a ranar ɗaga ƙarfe. Da magariba na ci dabino uku, na sha ruwa leda ɗaya, wato rabin lita, na tafi masallaci. Da na dawo sai na sha kunun gyaɗa ƙaramin kofi ɗaya da alale biyu masu dafaffen ƙwai a ciki, da yankan kankana. Alale da ƙosai uwarsu ɗaya, amma shi alale turara shi ake yi, mansa kaɗan ne, don haka kafin a idar da asham ya riga ya sauka. Wannan zama na ƙiyasta shi giram ashirin da biyar. Ba a nufe shi da ƙosarwa ba; aikinsa ya mayar da sukarin jini da ruwa, ya kai ni ƙarfe goma na dare.

Na yi zagaye uku na kilo 100 ba tare da wata damuwa ba, na yi benci, na dawo gida da yunwa ta gaskiya. A nan ne babban abinci yake: shinkafa da wake cikin faranti, da kifi ɗaya matsakaici ko yankan nama kamar tafin hannu biyu ba tare da yatsu ba. Dafaffen nama ko kifi yana ba da giram ashirin da wani abu a kowane giram ɗari, dafaffen wake kuma kimanin takwas. Idan na sami giram 150 na nama da ludayi biyu na wake da shinkafar, na kusa giram sittin. Sauran arba'in ɗin na bar wa sahur.

Ba a sauya wannan tsari cikin ruwan sanyi ba. Mai ɗakina ta ce, “Malam, yanzu duk wahalar jiƙa wake da kai niƙa, a ce ba za ka taɓa ƙosan ba?” Na ce mata a ci gaba da yi saboda yara da maƙwabta, ni kuma a ɗibar mini daga ƙullun a ƙulla alale, tunda ƙullun ɗaya ne. A ranakun da ba na fita zan ci ƙosai uku ko huɗu. Hajiya kuwa, da take aiko da kunu daga Tudun Wada kowace yamma, ban ma kai mata wannan zance ba. Ina shan kofi ɗaya, sauran kuma ba ya kwana.

Litinin, 10 ga Maris (10 ga Ramadan)

Sahur ya daidaita, kuma shi ne ɓangaren da na fi gamsuwa da shi. Ina tashi huɗu da rabi. Abin da nake ci shi ne dafaffen ƙwai uku, da kindirmo rabin lita da aka dama fura ɗaya a ciki ba tare da sukari mai yawa ba, da ayaba ɗaya. Ƙwan giram goma sha takwas ne, kindirmon kimanin goma sha bakwai, furar kuma ta ƙara biyar ko shida, sai ga arba'in ya cika. Na zaɓi wannan haɗi ne saboda dalilai biyu. Na farko, da asuba maƙoshi ba ya karɓar busasshen abinci, amma abin sha yana wucewa ko da ido bai gama buɗewa ba. Na biyu, furotin na nono yana daskarewa a tumbi yana narkewa a hankali, gero kuma ba ya saurin ƙonewa kamar farin burodi, don haka yunwa ba ta fara taɓa ni sai bayan azahar. Abin lura ɗaya shi ne a sami kindirmo mai kauri, domin nonon da aka tsinka da ruwa yana cika kwano amma lissafinsa rabi ne. Ina saye wurin wata Bafulatana da ke zama kusa da Kasuwar Bacci, in kawo gida a tafasa ruwan damun, saboda gudawa a cikin azumi ba ƙaramar asara ba ce.

Awon nauyi ina yin sa da zarar na farka, bayan na kama ruwa, kafin in sa komai a baki. Yau kilo 77.3. Raguwar giram ɗari bakwai a kwana goma ba ta tayar mini da hankali ba, domin a farkon azumi yawancin abin da ke sauka ruwa ne da abin da ke cikin hanji.

Asabar, 15 ga Maris (15 ga Ramadan)

Wannan makon na yi gwaji guda wanda ba zan sake ba. Wani abokin ɗaga ƙarfe ya daɗe yana ce mini ya fi kyau a yi motsa jiki awa ɗaya kafin magariba, ta yadda ana gamawa sai a sha ruwa, dare kuma ya zama na ibada da barci. Maganar tana da hujja, domin barcina bai wuce awa biyar da rabi ba a tsarin da nake kai. Ranar Alhamis na je biyar da rabi na yamma. Zagayen farko na kilo 100 ya tafi da ƙyar, a na biyu na yi huɗu, da na mayar da ƙarfen kan mazauninsa sai jiri ya ɗebe ni, idona ya yi duhu, na zauna a ƙasa. Mai kula da wurin ya zo ya ce, “Yallaɓai, sauke ƙarfen nan ka kwanta ka ɗaga ƙafa, yau an gama.” Na bi maganarsa.

Domin in gane abin da ya faru, jiya Juma'a na auna kaina sau biyu, bayan sahur da kuma dab da magariba. Bambancin kilo ɗaya da giram ɗari bakwai ne. Wannan ba kitse ba ne ba kuma tsoka ba, ruwa ne da ya fita ta fitsari da zufa da numfashi, a watan Maris ɗin Kaduna da iska ta bushe, zafi kuma ya fara kankama. Idan ruwan da ya fita ya kai kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki, wanda a wurina kimanin kilo ɗaya da rabi ne, aikin jiki yakan fara raguwa. Jinin da ke zagayawa ya ragu, sannan tsuguno da nauyi yana sa mutum ya riƙe numfashi ya matse ciki. Da ya saki sai matsin jini ya faɗi a ɗan lokaci, kai ya rasa isasshen jini. Wanda aikinsa na cikin inuwa ne kuma ƙarfensa mara nauyi ne zai iya yin na yamma. Ni da nake yini ina zirga-zirga tsakanin Kawo da cikin gari, kuma ƙarfen yana kan wuyana, na koma bayan asham. Mai ciwon suga ko hawan jini ko gyambon ciki kuwa, wannan lissafi nawa ba nasa ba ne, sai abin da likitansa ya tsara masa.

Awon ya kuma nuna mini kuskurena game da ruwa. Ina ta ɗura leda uku a jere a mintuna goman ƙarshe na sahur, ina ganin na yi guzuri, amma kafin ƙarfe tara na safe na shiga bayi sau uku, fitsarin fari tas. Jiki ba randa ba ne. Ruwan da ya shigo da yawa a lokaci ɗaya, ƙoda na fitar da rararsa nan da nan. Yanzu na shimfiɗa shi a tsawon dare: leda ɗaya da magariba, ɗaya kafin isha, biyu a wurin motsa jiki ina kurɓa tsakanin zagaye, ɗaya da abincin dare, ɗaya da sahur. Lita uku ke nan, ban da kunu da kindirmo da kankana. Alamar da nake dubawa ita ce fitsarin da na yi lokacin tashi sahur. Idan ruwan ɗorawa ne mai haske, daren ya yi kyau. Idan ya yi ja kamar shayi, na san ban biya bashin jiya ba, kuma zan shiga sabon yini da gibi.

Laraba, 19 ga Maris (19 ga Ramadan)

Goma ta wuya ta amsa sunanta. An yi kwana biyu ba wuta a unguwarmu, kindirmon da ke firji ya yi tsami har ya tsinke, aka zubar. Ranar Litinin da asuba na maye gurbinsa da kilishi, ina ganin na yi dabara, tunda kusan rabin nauyin kilishi furotin ne. Lissafin ya cika, amma yajin da gishirin suka hana ni sakat, tun hantsi harshena ya bushe. Gishiri daidai misali a abincin sahur yana taimaka wa jiki ya riƙe ruwa, amma na kilishi da tsire ya wuce misali. Wurinsu abincin dare ne, inda akwai sauran lokacin shan ruwa a bayansu.

Abin da ya maye gurbin kindirmo a ranakun rashin wuta shi ne madarar gari, cokali huɗu manya a dama da ruwa a zuba a kan fura ko dafaffiyar acca. Sai dai a karanta bayan gwangwani ko leda, domin cikakkiyar madara tana da kimanin giram 25 na furotin a giram ɗari, amma akwai waɗanda aka haɗa da man tsirrai, nasu bai kai haka ba. Cokali huɗu bai kai rabin litar kindirmo ba, don haka nakan ƙara ƙwai ɗaya. Kuɗi ma sun fara magana, domin nama kullum ba abu ne mai sauƙi ba. A dare biyu cikin mako na koma awara, wadda ake samu a bakin layi da rahusa, da ƙuli-ƙuli da aka daka a kan kwaɗon zogale. Zogalen ya zo da wani amfani da ban nema ba, domin tun kwana na goma sha biyu bayan gida ya fara yi mini wuya, kuma ganye da wake da ruwa ne suka warware shi.

Ƙarfe yana nan a inda yake: 100, 70, 130, duk da cewa maimaici na biyar a zagaye na uku yana tafiya a hankali. Nauyin jiki kilo 76.9.

Litinin, 24 ga Maris (24 ga Ramadan)

Tun daren Alhamis aka shiga tahajjud, kuma tsarin da ya yi mini aiki kwana ashirin ya daina dacewa. Ina fita masallaci wajen ɗaya na dare, in dawo uku da wani abu. Idan na ci babban abinci goma da kwata, na kwanta sha ɗaya, na tashi sha biyu da rabi, tsayuwar sallar takan zo mini da nauyin ciki da gyangyaɗi. Ranar Asabar na je wurin ƙarfe da barcin awa huɗu a jikina, na kasa ɗago kilo 130 karo na huɗu, alhali abincin ranar ya cika. Wannan ya nuna mini iyakar abin da kwano zai iya yi: furotin ba ya biyan bashin barci.

Ban yi gardama da watan ba, tunda waɗannan darare su ne abin da aka jira. Na mayar da fita sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, zagaye biyu kacal a kowane motsi, maimaici uku maimakon biyar, nauyin kuma yana nan. Cikin minti talatin da biyar na gama. Abincin dare na raba shi biyu: rabi bayan motsa jiki, mai sauƙi, kamar shinkafa kaɗan da kifi, sauran rabin kuma ya koma bayan tahajjud, ya haɗe da sahur. Wato yanzu sahur ne babban abinci, wajen giram saba'in, ina cin sa a natse daga ƙarfe huɗu, tunda a farke nake. Shayin da nake sha bayan abincin dare na bar shi gaba ɗaya, domin ɗan barcin da ke tsakanin sha ɗaya da sha biyu da rabi ba ya jure ganyen shayi mai kauri. Bayan sallar asuba ina ƙara barcin awa ɗaya da rabi, da azahar kuma in sami minti ashirin a ofis idan hali ya yi.

Asabar, 29 ga Maris (29 ga Ramadan)

An ga watan Shawwal, gobe Lahadi salla. Fitar ƙarshe ranar Alhamis ce, kuma na yi kilo 100 sau uku a zagaye biyu, benci 70, ɗagowa daga ƙasa 130 sau uku. Nauyin jiki da asubahin yau kilo 76.4, wato kilo ɗaya da giram ɗari shida ƙasa da ranar da na fara. Na duba littafin lissafina, a cikin kwana 29 na kai giram 120 ko fiye a kwana 19. Ranakun da na gaza yawancinsu na makon farko ne da kuma daren da aka gayyace mu shan ruwa a gidan surukai, inda ba a zuwa da ma'auni.

Asabar, 5 ga Afrilu

Na huta kwana huɗu na salla, na ci abin da aka ci. Ranar Alhamis na koma da zagaye uku, yau kuma da safe, bayan karin kumallo, na gwada cikakken tsarin da na bari a Sha'aban. Tsuguno kilo 100 sau biyar ya tafi a zagaye huɗu, a na biyar na tsaya a uku. Benci ya cika zagaye biyar ba tare da ragi ba. Ɗagowa daga ƙasa kilo 130 sau biyar ya fito, amma da ƙyar. Nauyin jiki ya koma kilo 77.5. Ƙarfin ɗaga nauyin yana nan, juriyar maimaita shi ce ta ɗan ragu, don haka mako mai zuwa zan tsaya a zagaye huɗu kafin in koma biyar. Sitta Shawwal zan fara ta ranar Litinin, da sahur ɗin ƙwai uku da kindirmo da fura, fita kuma bayan isha.